Ido ba mudu ba ne: yadda ake auna taron zanga-zanga a gari irin Doka

A tsakiyar watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil Azrak ta Sudan, a wajejen Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma neman sarauta ta kansu da Hausawan suka yi. Hukuma da bakinta ta ce an rasa rayuka sama da 100. Cikin 'yan kwanaki Hausawan Sudan suka fito kan tituna a Kasala da Gadarif da Wad Madani da Bur Sudan. A Kasala abin ya ɓaci ranar 18 ga wata, aka ƙone ofisoshin gwamnati, hukuma ta hana taruwa. Washegari a Khartum 'yan sanda suka tarbi masu tattaki da barkonon tsohuwa, wanda mutanen can suke kira bamban. Wanda ya bi labaran wannan mako zai tuna kalmar da ta fi yawo a bakin kafafen yaɗa labarai: dubbai. To, dubu nawa? Dubu uku dubbai ne, dubu talatin ma dubbai ne, kuma tsakaninsu akwai tafiyar yini.

Tambayar tana da nauyi ga al'ummar da ta shekara fiye da ɗari a ƙasar, tun zamanin masu tafiya Makka a ƙafa da ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har yau wasu na ce mata baƙuwa. Idan aka rage yawan waɗanda suka fito, an nuna ke nan wasu 'yan tsiraru ne ke hayaniya. Idan aka kumbura shi, an miƙa wa masu tsoratar da jama'a sanda, su ce ga su nan za su mamaye gari. Ɗan jaridar da ya rubuta adadin da bai auna ba yana iya yi wa ɗaya daga cikin ɓangarorin aiki, ko da bai yi niyya ba.

A Khartum a lokacin akwai dogayen benaye da za a hau a leƙo, akwai wakilan kamfanonin dillancin labarai da za a kwatanta da su. A Doka babu ko ɗaya. Gari ne na manoma dawa da riɗi a kudancin birnin Gadarif, kan hanyar da ta nufi Gallabat a bakin iyakar Habasha, kusa da sansanin Um Rakuba da aka sake buɗewa a watan Nuwambar 2020 domin 'yan gudun hijirar Tigray. A irin wannan gari, idan jama'a suka yi tattaki zuwa ofishin mahalliya, wato ƙaramar hukuma, kan ruwan sha ko iyakar gona da burtali, sau da yawa wakili ɗaya ne a wurin, da waya ɗaya a hannu. Abin da ya aika, shi ne zai zama tarihi.

Kowa da mudunsa

Abu na farko da ya kamata wakili ya sa a ransa shi ne, saɓanin adadi ba kullum yake nufin wani ya yi ƙarya ba. Sau da yawa abubuwa biyu daban ake aunawa. A Hong Kong ranar 16 ga Yunin 2019 masu shirya tattaki suka ce kusan mutum miliyan 2 ne suka fito, 'yan sanda suka ce 338,000. Amma 'yan sandan sun fayyace cewa nasu lissafin na lokacin da taron ya fi cika ne, kuma a kan hanyar da aka amince da ita tun farko kaɗai. Masu shiryawa kuwa duk wanda ya taka ƙafa a ranar suke nufi, har da waɗanda suka malala titunan gefe. Wannan bambanci bai isa ya cike ramin da ke tsakanin alƙaluman biyu ba, amma wanda ya jera su ba tare da ya faɗe shi ba ya ɓoye wa mai karatu rabin maganar.

A Sudan akwai ƙarin tarko a cikin harshen kansa. Tun juyin juya halin da ya kawar da Umar al-Bashir a watan Afrilun 2019, ana kiran babban tattaki da sunan miliyoniya, wato na mutum miliyan. Tattakin 30 ga Yunin 2019 ya amsa wannan suna a zukatan mutane, daga nan kuma kusan kowane kiran fitowa ya gaje shi. Kalmar suna ce, kira ce, ba ƙidaya ba ce. Wakilin da ya ji an ce miliyoniya ya rubuta cewa mutum miliyan sun fito, ya yi kamar wanda ya ji sunan Malam Dogo ya rubuta tsawonsa. Mu ma a Najeriya mun san irinta: gangamin da aka yi wa Janar Sani Abacha a Abuja a watan Maris na 1998, an raɗa masa sunan tattakin mutum miliyan 2 tun kafin kowa ya ɗaura takalmi.

Manomin Gadarif zai fi kowa saurin gane girman miliyan, domin da fadan yake auna gonarsa. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Ko da an cusa mutum huɗu a kowane murabba'in mita, cushewar da ba a iya ɗaga hannu a sosa kai, mutum miliyan na buƙatar fili mai fadan kusan 60, a cike maƙil ba masaka tsinke.

Ƙafa, waya da ɗan lissafi

Hanyar da aka fi dogara da ita ɗan jarida ne ya fito da ita. Herbert Jacobs yana koyar da aikin jarida a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1960, lokacin da ɗalibai ke zanga-zangar yaƙin Biyetnam. Tagar ofishinsa na kallon dandalin da suke taruwa, daɓen dandalin kuma yana da zane gida-gida. Sai ya riƙa ƙirga kawunan da ke cikin gida ɗaya, ya ninka da yawan gidajen. Daga nan ya fitar da ƙa'ida mai sauƙi, wadda idan aka mayar da ita mita za ta zama haka: taro mai sarari, inda kowa zai miƙa hannu bai taɓa na kusa da shi ba, kimanin mutum ɗaya ne a murabba'in mita, taro mai cika, mutum biyu zuwa biyu da rabi, cunkoson da ake haɗa kafaɗa da ƙirji, kimanin huɗu.

Wanda ya saba zuwa masallacin Idi yana da ma'auni a idonsa. Mai salla a sahu yana cin faɗin kimanin santimita 60 da tsawon mita 1 da ɗan ɗoriya saboda sujada, wato bai kai mutum ɗaya da rabi a murabba'in mita ba. Filin Idi kuwa ido na ganinsa a cike. Duk taron da ka ga mai sayar da ruwa yana ratsawa da bokiti a kai ba ya neman hanya, bai fi sahun salla cika ba.

Bari mu buga misali, misali ne kawai, don a ga yadda aikin yake tafiya. A ɗauka mutanen Doka da ƙauyukan kewaye sun yi tattaki daga kasuwa zuwa ofishin mahalliya domin miƙa takardar koke, abin da ake kira muzakkira. Da yamma kwamitin shiryawa ya ce mutum 10,000 ne suka fito. Jami'in 'yan sanda ya ce ba su wuce 800 ba. Edita na jira.

Aikin ya soma tun jiya da yamma, ko yau da sassafe kafin a taru. Wakili ya je filin gaban ofishin ya taka shi. Ya riga ya san takunsa, domin ya taɓa auna taku goma da tef ya samu mita 7 da rabi, wato santimita 75 kowane taku. Tsawon filin taku 80, mita 60 ke nan. Faɗinsa taku 40, mita 30. Jimla murabba'in mita 1,800. Ya kuma lura da alamomin da ba sa motsi: turken lantarki a nan, bishiyar dalbejiya a can, kusurwar katangar makaranta. Idan akwai intanet yana iya tabbatar da awon a Google Earth ko a MapChecking, inda ake zana iyakar fili a taswira ya ba da faɗinsa. Amma kada ya dogara da su. An katse intanet a Sudan sama da wata guda bayan 3 ga Yunin 2019, an sake katse shi bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Ƙafa ba a katse ta.

Da awon filin kaɗai an riga an san wani abu. Ko da an cusa mutum huɗu a kowane murabba'in mita, daga bango zuwa bango, filin ba zai ɗauki fiye da 7,200 ba. Saboda haka mutum 10,000 ba su taɓa tsayuwa a cikinsa lokaci guda ba.

Da taro ya cika, wajen ƙarfe 11, wakili ya nemi tudu: rufin shago da izinin mai shi, ko bayan babbar mota. Ya ɗauki hoto daga sama, ya ɗauki wani daga can baya. Wannan na biyun shi ne wanda aka fi mantawa. Hoton da aka ɗauka daga gaban mai jawabi, a daidai tsayin ido, kawuna yake nunawa jere bayan juna, ya haɗiye duk sararin da ke tsakaninsu, sai mutum 500 su zama teku. Taro kuwa ba ya cika daidai wa daida. Gaba ake matsuwa, tsakiya a sassauta, baya a warwatse ana hira.

Don haka sai a raba filin uku bisa alamomin nan. Daga ƙofar ofis zuwa turken lantarki, murabba'in mita 600, an matsu sosai, a ce mutum uku a kowane murabba'i: 1,800. Daga turke zuwa dalbejiya, wani 600, kamar sahun salla, mutum ɗaya da rabi: 900. Sauran 600 na baya, mutum ɗaya a kowane murabba'i biyu: 300. An samu 3,000. Sai waɗanda suka fake a inuwar katanga, galibi mata da tsofaffi. Su ba a yi musu awon fili, kai-da-kai ake ƙirga su a hoto. A ce an samu 250. Su ne waɗanda kyamara ta fi tsallakewa, kuma sau da yawa su ne suka fi kowa sanin zafin rashin ruwan da aka fito dominsa.

Kada wakili ya rubuta 3,250. Wannan adadi yana nuna ƙwarewar da babu ita. Kuskuren rabin mutum a murabba'in mita a sashen gaba kaɗai yana ƙara ko rage 300. Abin da zai iya tsayawa a kai shi ne tsakanin 2,500 da 3,500.

Akwai awo na biyu da zai gwada na farkon da shi, idan ya samu abokin aiki. A tsaya a wata matsatsiyar hanya da dole kowa ya bi, kamar kan kwalbati. A zaɓi layi ɗaya a ƙasa, a ƙirga masu tsallake shi na daƙiƙa 30, a huta, a sake bayan minti huɗu ko biyar. A ce an samu 60, 75, 80, 55 da 30. Matsakaicinsu 60 ne a rabin minti, wato 120 a minti. Idan ayarin ya ɗauki minti 22 yana wucewa, an samu 2,640. Bai yi daidai da awon fili ba, kuma bai kamata ya yi ba, domin wasu kai tsaye suka tafi ofishin ba su bi ayari ba. Amma hanyoyi biyu da ba su jingina da juna ba sun sauka unguwa ɗaya. A Faransa, tun wajen 2018, gamayyar kafafen labarai ta riƙa ɗaukar wani kamfani mai suna Occurrence ya yi musu irin wannan ƙirga daga tagar bene da na'ura, saboda sun gaji da jera adadin ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan sanda kamar ba a gari ɗaya aka yi taron ba. Su ma ba su tsira daga suka ba.

Komawa wurin masu adadi

Nan ne adalci yake, kuma nan ne yawancinmu muke kasala. Wakili ya koma wurin jami'in: "Janabu, wannan 800 da ƙarfe nawa aka ƙirga, kuma a ina?" Mai yiwuwa amsar ita ce da ƙarfe tara da rabi, a bakin kasuwa, lokacin da aka aika rahoton farko zuwa Gadarif, kafin motocin ƙauye su iso. In haka ne, adadin gaskiya ne a lokacinsa, amma ya tsufa. Ya koma wurin dattijon kwamiti: "Baba, Allah ya ba ka nasara, ta yaya aka kai 10,000?" Mai yiwuwa sun tara alkawuran da masu unguwanni suka yi ne, ko sun ƙirga sa hannun da ke kan takardar koke, ko sun haɗa da duk wanda ya leƙo daga safe zuwa azahar. Idan suka ce motoci 30 suka zo daga ƙauyuka, a tambayi direba mutum nawa motarsa take ɗauka a tsaye. Ko 80 ne, an samu 2,400, ragowar sai an nuna inda suka fito. Wanda ya ƙi faɗin yadda ya yi lissafinsa, a rubuta cewa ya ƙi. Wannan ma labari ne.

Babban kuskure shi ne raba gardama da tsaka-tsaki. A haɗa 10,000 da 800 a raba biyu, a samu 5,400, adadin da babu idon da ya gan shi. Mugun abin da ke cikin wannan ɗabi'a shi ne tana ba wa wanda ya fi zuzutawa lada: gobe kwamiti ya ce 20,000, tsakiyar ta tashi. Na biyu shi ne fakewa da kalmomi. Cewa masu shiryawa "sun yi iƙirari" alhali 'yan sanda "sun tabbatar" hukunci ne aka yanke a ɓoye. Kowa "ya ce". Haka "ɗaruruwa" da "dubbai" a kanun labari: wanda ya zaɓi ɗaya ya riga ya zaɓi ɓangare, don haka ya zaɓa bisa awonsa.

Ga yadda sakin layin zai iya fita: "Tsakanin mutum 2,500 da 3,500 ne suka taru a gaban ofishin mahalliya da ƙarfe 11 na safe, bisa awon filin da wakilinmu ya yi da kuma hotunan da ya ɗauka daga sama. Kwamitin shiryawa ya ce 10,000, yana haɗawa da duk waɗanda suka zo suka tafi a tsawon yinin. 'Yan sanda sun ce 800, a ƙidayar da suka yi da ƙarfe 9:30. Filin ba ya ɗaukar fiye da kimanin 7,000 a lokaci guda." Ba a ƙaryata kowa ba, kuma mai karatu ya samu abin da zai yi wa kansa alƙalanci.

Inda awo yake gazawa

Tef ba ya sanin niyya. Idan tattaki ya faɗo ranar kasuwa, ko a watan Oktoba lokacin yankan riɗi da garin ke cike da 'yan ƙwadago daga nesa, ɗan kallo da mai koke duk kai ɗaya ne a hoto. Sai wakili ya sauko daga rufi ya shiga sashen baya ya tambayi mutum ashirin ko talatin me ya kawo su. Idan rabinsu cefane suka zo, ya rage lissafin sashen, ya kuma faɗa. A ɗaya gefen, da damina baƙar ƙasar Gadarif takan zama taɓo mai riƙe tayar mota, ƙauyen da ya yi niyyar zuwa ya kasa. Shingen jami'an tsaro a hanya ma yakan yi aikin da taɓon yake yi. Ƙarancin mutane a irin wannan rana ba shaidar ƙarancin fushi ba ne, kuma rahoton da ya ba da adadi bai ambaci shingen ba ya tauye gaskiya.

Sai gwada taron da yawan mutanen gari. Mutum 3,000 a Khartum ba a ma juyowa a kalle su. A ƙaramin gari kuwa yana iya nufin kusan kowane gida ya turo wakili. Amma a yi hattara da rubuta kashi kaza cikin ɗari. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan a 2008 aka yi ta, kuma yaƙin da ya soma ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kwararo da ɗimbin 'yan gudun hijira jihar Gadarif, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disambar shekarar. Gara kwatance da abin da mutanen gari suka sani: ya fi taron Idin bara, ko bai kai ba.

Hoton ma yana da haɗarinsa. A garin da kowa ya san kowa, hoton da ya nuna fuskoki jerin sunaye ne ga mai son kamu. Na ƙirga a ɗauke shi daga nesa, a adana na asali da lokacinsa a jiki saboda ranar gardama, a wallafa wanda ba a gane kowa a ciki. Hoton da wani ya turo a waya kuwa, a duba inuwa ko ta dace da lokacin da aka ce, a duba ƙasa ko busasshiya ce alhali jiya an kwana ana ruwa.

Wanda ya auna ya shirya shan zagi daga ɓangarorin biyu, wani lokaci daga danginsa. Ba a Doka aka fara ba. Bayan gangamin baƙaƙen fata da Louis Farrakhan ya kira a Washington ranar 16 ga Oktoban 1995, hukumar kula da gandun shaƙatawa ta Amurka ta ce mutum 400,000 ne, masu shiryawa suka ce sun haura miliyan, har aka yi barazanar zuwa kotu. Farouk El-Baz, masanin nan ɗan asalin Masar na jami'ar Boston, ya bi hotunan sama da tawagarsa ya fitar da 837,000, ya kuma ce ana iya samun ragi ko ƙarin kashi 20 cikin ɗari. A shekarar da ta biyo baya majalisar dokokin ƙasar ta hana hukumar sake ƙirga taro a birnin. Hukuma mai jirage ta janye hannunta, aikin ya koma kan 'yan jarida da malaman jami'a.

Kira ga editocinmu na Kano da Kaduna da Maraɗi, masu karɓar rahoton 'yan uwa daga Sudan ta waya: kafin ku sa adadi a kanu, ku tambayi wakilinku taku nawa ne filin, da ƙarfe nawa ya ɗauki hoton, kuma a ina yake tsaye. Idan ba shi da amsa, ku cire adadin ku bar koken.